Nassin haƙuri don shirin waƙa

"Ƙungiyar mawaƙanmu za ta yi shiri a kan haƙuri cikin wahala. Mun zaɓi littafin Ayuba, ko ya dace?"

'Yar'uwa, Ayuba ya dace, amma ki lura da bakin wanda maganar ta fito. Mun taɓa sa wa wata aya ta sura 22 murya mai daɗi, sai daga baya muka gane ashe Elifaz abokin Ayuba ne ke tuhumarsa da zunubi. A 42:7 kuwa Allah ya ce Elifaz da abokansa biyu ba su faɗi gaskiya game da shi Allah ba. Kunya ta kama mu. Ki tsaya a kan kalaman Ayuba kansa, kamar 1:21 da 19:25.

Da ni ce, da Zabura 13 zan buɗe. Ayoyi 6 ne kacal, sun fara da kukan mai jin an manta da shi, sun ƙare da alkawarin raira waƙa. Mutum ɗaya ya ɗauki ayoyi 1 zuwa 4 a hankali, sauran su shigo a aya ta 5. Kada ki yanke kukan don saurin isa wurin murna, akwai masu makoki a cikin masu sauraro.

Romawa 5:3-5 gara a karanta shi tsakanin waƙoƙi. Jimlarsa doguwa ce, numfashi kan ƙare kafin ma'anar ta cika.