Zotero da jerin manazarta na APA

"Don Allah ya zan sa Zotero ya fitar min da jerin manazarta na APA? Furojet nake a Danfodiyo."

Ɗan'uwa ka sauke Zotero a zotero.org, ka haɗa da Zotero Connector a Chrome, shi ke kwaso takarda in ka danna shi. Amma fa ka duba abin da ya kwaso, sau da yawa shekara ko sunan marubuci babu, in ka ga n.d. a cikin aikinka to shekarar ce ba ta shiga ba, a Zotero za ka gyara ba a Word ba, in ba haka ba danna maɓallin Refresh na Zotero a Word zai iya goge gyaranka. A Word ka shiga ɓangaren Zotero ka danna Add/Edit Citation ka zaɓi APA 7, ka gama sai Add/Edit Bibliography.