Kwano na Shida

"Malam, ina rubuta wurin cin abincin dare a gidan da babban ɗansu ya ɓace wata uku ke nan. Ba na so kowa ya ambace shi, amma da na karanta sai na ji hirar tuwo kawai suke yi. Ina na kuskure?"

Ka dogara da rashin kiran suna ne, shi kuwa ba ya ɗaukar kaya a gidan Bahaushe. Uwa da ma ba ta kiran sunan ɗan fari saboda alkunya, ko yana zaune a gabanta. Mai karatu ba zai ji wani giɓi a nan ba. Abin da kake bukata shi ne wani abu da ido ke gani, wanda zai tsaya a madadin yaron.

Kuma kada ka jera su a teburi, sai in gidan 'yan boko ne. Kama lokacin rabon tuwo a tsakar gida bayan magariba, maigida na kan tabarmarsa a gefe. Masu ci biyar ne, uwar ta jera kwano shida. Ƙanwar ta gani, ta ja na shidan bayan turmi, ba ta ce uffan ba. Ka wuce, kada ka yi bayani.

Sai ka ba kowa abin da yake so a daren. Uban yana so a haƙura, uwar ba ta yarda ba. Wannan rigimar za su yi ta a kan wani abu dabam, misali babur ɗin yaron da ke zaure:

"Mashin ɗin nan tsatsa yake yi."

"Na lulluɓe shi."

"An yi mini tayinsa."

"Miyar ta ji gishiri kuwa, Malam?"

Ka lura ba ta amsa ba, kaucewa ta yi. Kaucewa biyu ta isa a shafi guda. In ta yi yawa sai su zama kamar kurame.

Kwanon ya fito sau uku kacal, na ukun ne mai nauyi. A yi motsi a ƙofar gida, hannun kowa ya tsaya a cikin tuwo. Ashe almajiri ne. Uban ya ce, "A ba shi wancan." Uwar ta tashi ta juye masa nata.

Inda sababbin marubuta ke ɓata aikin shi ne nan: sai su ƙara "hawaye suka zubo mata da ta tuna ɗanta". Goge shi, ka riga ka faɗa da kwano.

In ka gama, ka ba wanda bai san labarin ba ya karanta, ka tambaye shi mutum nawa ne a gidan. In ya ce biyar, kwanon bai fito sosai ba, ka koma wurin rabon tuwo ka gyara.