Sunan da Kaka ba ta faɗa

"Baffa, ina rubuta tarihin Kaka da bakinta, kamar ita ce ke magana. To amma ta ƙi faɗin sunan marigayi kakanmu, sai dai ta ce 'Malam'. In sa sunan da kaina?"

'Yata, kin sa ni murmushi, kin kuma sa gabana ya ɗan faɗi. Matar da ta yi shekara hamsin a ɗakin mutum ba ta kama sunansa ba, ke ce za ki sa mata shi a baki da biro? Ko ɗan farinta, ai kin ji "yaron nan" take cewa. Iyayenmu kan ce kunya adon mace ce. Yaran yanzu kuwa har a gaban surukai sai ki ji an kwaɗa wa miji kira.

Da muna yara, in tsohuwa tana ba da labari ba a katse ta, sai dai "to" da "ikon Allah". Ki riƙe wannan. Ki je mata da hantsi, bayan ta karya, ki nemi izininta ki kunna rikodar waya, ki ajiye kusa da ita nesa da fanka. Kada zama ya wuce minti 40. Da kin ji ta fara maimaita magana ko tana "haka dai, haka dai", ta gaji.

Ɗauki ranar da aka kai ta ɗakin miji. In kika ce "yaya bikin ya kasance?", za ta ce "lafiya lau", shi ke nan. Ki ɗauko tsohuwar tasarta ta jere ki sa mata a hannu, ki yi shiru. Can ki tambaya: wa ya wanke miki lalle? Ƙafa kika taka ko doki aka ɗora ki? Da kika shiga, ɗakin ƙamshin me yake, sabon daɓe ko turaren wuta? Wace waƙa ƙawaye suka yi? Abin da ta faɗa kaɗai za ki rubuta. Kika ƙara ƙamshin da ba ta ambata ba, sa'o'inta za su gane da ji ɗaya.

Ki kwafe maganar kalma da kalma tukuna, sannan ki jera ta daga farko zuwa ƙarshe, ki cire tambayoyinki. Sule da sisi da taro su zauna yadda ta faɗe su, kada ki mayar da su naira. In ta ce "shekarar da aka canza kuɗi", bar shi haka, ki sa 1973 a ƙasan shafi, inda murya taki ce. Rantsuwarta da karin harshen garinsu ma kada ki gyara.

In kin gama, ki karanta mata a bayyane, ke da ita kawai. Inda ta ce "ban ce haka ba", ki soke. Inda ta ce "wannan kada ya fita", ki cire, musamman zancen kishiyoyi, don jikokinsu na nan da rai.