Me ya sa ma'aunin ƙiba na Asiyawa ya bambanta?

"Abokin kasuwancina ɗan Indiya ne. Tsayinmu ɗaya, mita 1.70, nauyinmu kilo 70, amma likita ya ce masa ya yi ƙiba, ni kuma lafiyata lau. Ta yaya?"

Malam, likitan bai yi kuskure ba. Raba 70 da 2.89, wato 1.70 sau 1.70, za ka sami 24.2, shi ne BMI ɗinka, ma'aunin nauyi gwargwadon tsayi. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sai an kai 25 ake cewa nauyi ya wuce kima, saboda haka ka tsira. Indiya kuwa daga 23 take farawa, Sin daga 24.

Dalilin yana cikin tumbi. Sikeli bai san tsoka ba, bai san kitse ba. 'Yan Kudancin Asiya, a nauyi ɗaya da Turawa, sukan fi tara kitse a kewayen hanji da hanta, tsokarsu kuma ba ta kai ba. Wannan kitsen ne ke sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke daidaita sugar jini, sai ciwon suga ya kama mutumin da kowa ke kira siriri.

Sai dai kada ka saki jiki. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin lafiya a Birtaniya ta sa baƙar fatar Afirka ma a layin 23 na wuce kima da 27.5 na ƙiba sosai, ka ga a can kai ma ka haura. Ɗauko tef ɗin tela ka auna ƙugunka ta kusa da cibiya, ba inda mazugin wando yake ba, kuma ban da shanye ciki. Idan ya kai rabin tsayinka, santimita 85, je asibiti a duba sugarka da hawan jini.