Gibin canji a faktir ɗin riɗi

«Mun fitar da riɗi daga Yamai a Nuwamba, faktir na dalar Amurka 20,000, canji yana 600. An biya a Fabrairu, sefa 11,440,000 kawai suka shigo banki. Alhaji yana tambayata ina 560,000. Yaya zan rubuta?»

Wayyo ɗan'uwa, sannu. Duk kwantabul ɗin da ya riƙe littafin mai fitar da kaya ya san irin wannan kallon na maigida. Kuɗi ba su ɓace ba, amma kai ake duba kamar ka sa hannu, kana bayanin canji ana cewa «to ina kuɗin?», ka koma gida ko tuwo ba ya haɗiyuwa.

Kar ka taɓa 701, asusun ciniki. Ciniki ya zauna a 12,000,000 tun ranar faktir, haka ma bashin da ke 411, asusun masu saye. Masu rage cinikin don lissafi ya daidaita su ne ke shan wahala ranar da aka gwada littafinsu da takardun duwan.

Je ka karɓo takardar da banki ya ba da ranar shigar kuɗin, domin gibin nan abu biyu ne a cakuɗe. A ce ka ga an canza maka a 575, wato 11,500,000. To 500,000 ce asarar canji, 656 za ta shiga. Ba 676 ba, tun gyaran tsarin lissafi na SYSCOHADA da ya fara aiki a 2018 wancan na harkar rance ne da kuɗin waje da ke ajiye. Sauran 60,000 ladan banki ne, 631 ne gidansu. Kuma ka ƙirga dalar da ta iso, don wani mai sayen yakan zaftare kuɗin turawa daga can, wannan bashi ne da za ka bi shi, ba canji ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne bashin ya tsallake 31 ga Disamba. In canji ya kasance 585 ranar, ya kamata an sa 300,000 a 478, asusun asarar canji da ba ta tabbata ba tukuna, an rage 411, an yi tanadin asara ta 6591 da 4991. A Janairu ka warware na 478, ranar biya ka rubuta 500,000 cif a 656, ka maido tanadin ta 7591. In ka manta maidowar, 300,000 ta ci ka sau biyu. Da dala hawa ta yi, ƙarin a 479 zai zauna, ba a kiranta riba sai kuɗi sun shigo, sannan 756.

Alhaji kuma, lallaɓa shi ya riƙa yin faktir da yuro in mai sayen ya yarda, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi. Ranar da za ka yi masa bayani ka ce «dalar Amurka» a fili, kar ya ɗauka dalarmu ta kasuwa kake nufi.