Kebul ɗin da aka rubuta wa "6A 120W" amma caji na rarrafe, bakinsa kuma na zafi

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki. Kebul ɗin da ya zo da wayata ya ɓata, sai na sayi wani mai saƙa, mita 2, an rubuta "6A 120W" a kwalinsa. Cajata mai wat 33 ce, da awa ɗaya da 'yan mintoci waya ke cika, yanzu sai ta kai awa shida. Da shi na kwashe bidiyon GB 64 daga SSD zuwa laftof, ya ci rabin awa. Abin da ya fi tayar min da hankali, bakin da ke shiga waya yana zafi har ba ya taɓuwa. Mai shago ya ce alamar wuta na shiga da ƙarfi ke nan. Wayar ce ta fara lalacewa, ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka zare wannan kebul yau ɗin nan, kada ya sake kwana a jikin wayarka. Bisa abin da ka bayyana, alamu sun nuna wayarka da SSD lafiyarsu ƙalau, laifin na kebul ne. Zan fara da maganar kwashe bidiyo don ita ce mai sauƙi.

Bakin USB-C siffa ce kawai, ba ya gaya maka gudun da ke ciki. An yi masa wurin fil 24, amma ba dole ba ne mai ƙera kebul ya haɗa su duka. Yawancin kebul ɗin caji silin wuta ne da sili biyu na USB 2.0 kurum a cikinsu, kuma USB 2.0 tsari ne na shekarar 2000 mai iyakar 480 Mbps. A aikace abin da za ka gani a allon kwafi bai wuce 35 zuwa 40 MB/s ba. Raba GB 64 da wannan, za ka samu wajen minti 28. Ka ga rabin awarka ta fito daidai. Da kebul ne mai ƙarin silin da ke ɗaukar 5 Gbps, wanda aka fara kira USB 3.0 a 2008 daga baya aka sauya masa suna zuwa USB 3.1 Gen 1 sannan USB 3.2 Gen 1, aikin ba zai kai minti uku ba. Da mai 10 Gbps ne, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, muddin SSD ɗin da ramin laftof ɗin su ma suna iya wannan gudu, domin cikin ukun nan wanda ya fi rauni shi ke yanke hukunci. Kada sauye-sauyen sunayen nan su dame ka, ka nemi lambar Gbps a jikin kebul. Kuma wannan ba sai jabu ba: kebul ɗin da Apple ya saka a kwalin iPhone 15 Pro ma gudun USB 2.0 gare shi, alhali wayar na iya 10 Gbps. Shi ya sa ɗan gajeren kebul ɗin da ya zo da SSD ɗinka ya fi wannan dogon daraja. Nemo shi inda ka jefar. Gajartarsa da dalili, don kebul na 10 Gbps da ba shi da na'urar ƙara ƙarfin sigina a ciki ba ya wuce kimanin mita ɗaya.

Caji kuma hanyarsa daban. Kebul na iya ɗaukar wat 100 ya kasance mai rarrafe wajen kwafi, wani kuma ya yi gudu wajen kwafi amma wat 60 ne iyakarsa. Abubuwa biyu ne suka taru a kanka. Na farko, kafin caja ta saki wat 33 sai sun yi yarjejeniya da waya. Idan cajarka mai faffaɗan rami ce, wato USB-A, to saurin cajinta na kamfanin wayar ne, ba USB PD na kowa da kowa ba, domin shi PD sai kebul mai USB-C a kai biyu. Kamfanoni irin su OPPO da Xiaomi da Huawei suna da nasu tsarin, kuma sau da yawa sai da irin kebul ɗinsu ake samun cikakken sauri. In yarjejeniya ba ta ƙullu ba, caja na komawa bolt 5 ta tsaya nan.

Na biyu shi ne kaurin jan ƙarfen da ke ciki. Silin da ake kira 28 AWG, wanda masu araha ke amfani da shi, yana da turjiyar kusan om 0.21 a kowace mita. Wuta kuwa zuwa take ta dawo, don haka mita 2 ɗinka mita 4 ce, om 0.85 ke nan. In waya ta nemi amfiya 2, bolt 1.7 zai zube a hanya, cikin bolt 5 sai 3.3 ya iso. Waya ba ta yarda da haka, sai ta yi ta rage abin da take ja har ƙarfin ya tsaya wajen bolt 4.5. A wannan kebul, hakan na nufin kimanin amfiya 0.6, wat 3 ko ƙasa da haka. Batir mai 5000 mAh yana ɗaukar wajen 19 Wh. Raba 19 da 3, ga awa shidanka. Kebul mai 20 AWG, wanda silinsa ya fi kauri, turjiyarsa kusan kashi ɗaya cikin shida ce ta wancan. Wasu ma ba jan ƙarfe ba ne zalla, alminiyam ne ko baƙin ƙarfe aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Saƙar da ke waje ado ce, wutar lantarki ba ta bi ta roba da zare.

Yanzu ga maganar mai shago, wadda ita ce ta sa na ce ka zare kebul tun kafin in yi bayani. Kusan kullum sai na ji ta a bakin wani: wai in kebul na zafi, wuta na shiga da kyau. Wallahi wannan magana ta kashe wayoyin mutane da yawa, kuma tana iya cinye ɗaki. Zafin da kake ji a kebul wuta ce da ba ta isa batir ba, ta tsaya a hanya ta zama zafi. Kebul nagari ko yana ɗauke da wat 60 ɗumi kaɗan zai yi. Kan caja ya yi ɗumi, bayan waya ya yi ɗumi lokacin caji mai sauri, wannan ba komai. Amma bakin kebul ya yi zafin da yatsa ba ya jurewa, wannan cuta ce.

Ka lura da wani abu a lissafin da muka yi. A amfiya 0.6, zafin da dukan tsawon silin zai fitar bai wuce sulusin wat ɗaya ba, kuma ya bazu a mita biyu, ba za ka ma ji shi ba. To me ya sa naka ke ƙuna a wuri guda? Ɗayan biyu ne. Ko dai haɗin da ke cikin bakin ya yi sako-sako, dalmar ba ta kama ba ko fil ɗin ba sa matsewa, sai turjiya ta taru a ɗigo ɗaya. Ko kuma wuta na ɗan tsallakawa tsakanin fil, domin tazararsu rabin milimita ce kacal, ƙurar hunturu da gumin aljihu ko ɗan tsatsa sun isa su yi mata gada. Wat ɗaya ko biyu a wurin da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya isa ya tausasa roba. Roba ta tausasa, fil su karkace, haɗin ya ƙara lalacewa, zafi ya ƙaru. Haka abin ke ciyar da kansa har ranar da za ka ga baƙi a ramin cajin waya, ko ƙauri ya tashe ka da dare. Mu kuma da wutar lantarki ba ta zama, mun saba da jona waya mu tura ta ƙarƙashin matashi mu yi barci, don kada a ɗauke kafin ta cika. Katifar soso, gidan sauro, yara a gefe. Wannan ne wurin da mai shago yake ce maka zafi alheri ne.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda ake biyo baya. Mutum ya kai waya wurin mai gyara, ba a tambaye shi kebul ba, sai a ce ramin caji ne a canza, ko batir ne ya mutu. A ɓalle wayar da ba ta da laifi, a sa mata kayan da bai kai nata ba, ya koma gida ya soka mata kebul ɗin da ya jawo abin, bayan wata biyu ya dawo. An taɓa kawo min wata waya da aka canza wa rami sau biyu. Na ce a kawo kebul ɗin, na auna, bolt 5 ke shiga, ƙasa da 4 ke fita da zarar an ɗora masa amfiya ɗaya da rabi. Ga masu sayarwa da masu gyara, ku ji tsoron Allah. Kalmar da ka faɗa don kada a dawo maka da kayan 'yan kuɗi kaɗan, wani da ita zai kwana kusa da 'ya'yansa. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Kuma kada wani ya ce ai kebul ba ya kashe na'ura: a 2016 Benson Leung, injiniyan Google da ya shahara da gwada kebul ɗin USB-C, wani kebul da aka haɗa wa sili a juye ya lalata masa laftof.

Rubutun "6A 120W" kuwa, kowa na iya bugawa a kwali. A ƙa'idar USB-C, kebul mara ɗan guntun ganewa da ake kira e-marker iyakarsa amfiya 3, wat 60. Mai amfiya 5 dole ya kasance da shi, kuma alamun da hukumar USB-IF ke bayarwa yanzu su ne 60W da 240W. Akwai kebul na amfiya 6 na gaskiya da wasu kamfanonin waya ke yi don cajarsu, sai dai na gaskiyar ba ya zubar da bolt ɗaya da rabi a hanya.

Ga abin da za ka yi. Haska ramin wayarka da tocila. In ka ga baƙi, ko kore-kore, ko robar tsakiya ta narke, sai an canza ramin kafin ka sa sabon kebul, in ba haka ba shi ma zai ƙone. In ƙura ce kawai, kashe wayar ka share a hankali da tsinken sakace na itace, ban da allura. Sannan ka ari kebul na asali wurin mai irin wayarka, ka jona lokacin da batir ke ƙasa da kashi 30, ka duba ko alamar caji mai sauri ta dawo a allo. In ta dawo, magana ta ƙare. Ka sayi kebul na kamfanin wayar, mita ɗaya, na caji kaɗai, ka ware na SSD daban ka ɗaura masa alama. Tunda da waɗannan kaya kake cin abinci, ka mallaki 'yar na'urar auna USB da ake sokawa tsakanin caja da kebul, tana nuna bolt da amfiya. Caja ɗaya, waya ɗaya, kebul biyu: wanda ya ba da amfiya mafi yawa shi ne mai jan ƙarfe. Tsohon kuma ka datse shi da almakashi kafin ka yar, don kada wani yaro ya tsinta ya kai gida.