Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Rubuta Kuɗin da Aka Aiko daga Waje a Kasafin Gida

Tambaya: Malam, maigidana yana aiki a Jidda, kuma duk wata yana turo mana riyal 1,000. A wannan watan na duba Google na ga ya kama naira 400,000, amma alat ɗin da ya shigo wayata naira 388,000 ne. Ina rubuta kasafin gida a Google Sheets. Wane adadi zan sa, kuma ina sauran 12,000 suka maƙale? Har mun soma samun saɓani da shi. (Wata uwargida daga Zariya)

Amsa: Hajiya, ki rubuta 388,000 a ɓangaren kuɗin shiga, domin da su za ki je kasuwa, kuma da su za ki biya kuɗin makarantar yara. Ki kuma daina tuhumar maigida, domin kuɗin ba a hannunsa suka maƙale ba. Wannan batu yana damuna ƙwarai, saboda wasiƙu irin taki suna yawan zuwa, kuma kusan kullum da zargi a cikinsu: ko mata na zargin miji, ko ɗan da ke waje na zargin ƙaninsa da ke karɓar kuɗin, alhali kamfanin aikawa ne ya ɗauki rabonsa ta hanyar da ba kowa ke lura da ita ba.

Kamfanin aika kuɗi yana cin riba ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce cajin da yake rubutawa ɓaro-ɓaro a rasit, wanda kowa ke gani. Ta biyu tana cikin farashin canjin da yake ba mai aikawa. Farashin da kika gani a Google tsaka-tsaki ne tsakanin farashin saye da na sayarwa a babbar kasuwar kuɗaɗe, kuma yawancin kamfanoni suna rage wani abu daga cikinsa kafin su canza wa abokin hulɗarsu. Tun daga watan Janairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya umarci kamfanonin da ke kawo kuɗi daga waje su riƙa biyan mai karɓa da naira, don haka kafin kuɗin su iso asusunki an riga an canza su a farashin kamfanin, ba ki da damar kai su wurin ɗan canji ki yi ciniki.

Mu ɗauki lissafinki. Riyal 1,000 sun zama 388,000, wato an canza kowane riyal a kan naira 388 maimakon 400, kuma a nan 12,000 ɗinki suka tafi. Sai dai asarar ba ta tsaya nan ba, domin ba ki faɗi cajin da maigida ya biya ba, kuma na tabbata ba ki tambaye shi ba. A ce ya biya riyal 15. Abin da ya fita daga aljihunsa ke nan riyal 1,015, wanda a farashin kasuwa ya kama naira 406,000. Idan aka cire abin da ya iso, za a ga cewa hanya ta ci naira 18,000, wato 6,000 na caji da 12,000 na gibin canji, kimanin kashi 4.4 cikin ɗari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin cewa kafin shekarar 2030 kuɗin aikawa ya sauko ƙasa da kashi 3 cikin ɗari, kuma wannan ma'auni ne da za ki iya gwada naki da shi.

Abin da nake so kowane gida ya yi shi ne ya buɗe shafi na biyu a cikin wannan fayil ɗin, daban da shafin kasafi, wanda aikinsa kawai bin sawun aike. A layin tsaye na A ki sa kwanan wata, a B adadin riyal da aka aika, a C cajin da aka biya da riyal, a D nairar da ta shigo, a E kuma farashin kasuwa na wannan ranar, wanda za ki duba ki rubuta da hannunki. Aiken farko ya fara daga layi na 2, daga nan sai ki sa waɗannan a F2 da G2 da H2, ɗaya bayan ɗaya:

```
=D2/(B2+C2)
=(B2+C2)*E2-D2
=G2/((B2+C2)*E2)
```

Na farko yana nuna ainihin farashin da kowane riyal na maigida ya samu bayan an haɗa da caji, wanda a misalinmu ya kama kusan naira 382. Na biyu yana fitar da 18,000 ɗin da hanya ta ci, na uku kuma yana mayar da su kaso cikin ɗari, idan kika danna alamar % a kansa. Shafin kasafi kuwa abu ɗaya kawai zai ɗauka daga nan, wato adadin da ke D.

A nan ne mutane da yawa ke tafka kuskuren da ya fi ba ni haushi. Sai su rubuta 388,000 a matsayin kuɗin shiga, sannan su koma ɓangaren kashewa su sake rubuta 18,000 da sunan kuɗin aikawa. Sun cire abu ɗaya sau biyu ke nan, kuma a ƙarshen wata takarda za ta ce saura kaza, banki ya ce ba haka ba, su kwana suna neman kuɗin da ba su ɓata ba. Ƙa'idar ita ce duk abin da aka yanka kafin alat ya shigo, wurinsa shafin aike ne kawai. Abin da aka yanka bayan kuɗin sun shiga asusunki, kamar ladan mai POS idan kin je cirewa, ko cajin banki idan kin tura wa surukarki rabonta, shi ne yake shiga ɓangaren kashewa, domin daga kuɗin da kika riga kika mallaka ya fita.

Amfanin shafin aike zai fito ranar da wata manhaja ta zo wa maigida da tallar cewa aikawa kyauta ce. A ce ita ba ta karɓar caji, amma tana canza riyal a kan 380. Idan ya zuba mata riyal 1,015 ɗin nan gaba ɗaya, abin da zai iso gare ki 385,700 ne, wato ƙasa da na wancan kamfanin da naira 2,300, duk da cewa wancan ya karɓi caji. Masu karatu da yawa da zarar sun ga kalmar kyauta sai hankalinsu ya tafi hutu. Layin F shi ne alƙali, domin duk hanyar da ta ba da adadi mafi girma a wurin a rana ɗaya ita ta fi sauƙi, ko me tallarta ta ce.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da haɗin kan mai aikawa, saboda B da C suna hannunsa. Ki roƙe shi ya riƙa turo miki hoton rasit ta WhatsApp a ranar da ya aika, ki kuma cike layin a ranar, domin farashin naira yana motsi, kuma farashin da kika duba bayan kwana huɗu ba shi ne aka yi cinikin da shi ba. Ni ɗabi'ata ita ce in ajiye hotunan a jaka ɗaya cikin Google Drive, kowane da kwanan watansa a matsayin suna, kuma ina matsa wa kowa ya yi haka. Idan ta hannun wani ɗan kasuwa ake aikowa, a ba shi riyal a can shi kuma ya sa a tura naira a nan, to babu rasit, amma lissafin bai canza ba: a sa sifili a C idan bai karɓi lada ba, layin G zai nuna abin da ya ci ta farashi.

Tambaya: Na sa `GOOGLEFINANCE` ya riƙa canza mini dalolin da yayana ke turowa daga Amurka zuwa naira. Amma duk lokacin da na buɗe fayil ɗin sai in ga jimillar watannin baya ta canza. (Wani malamin makaranta daga Gombe)

Amsa: Malam, ka ɗaura tarihin gidanka a kan abin da ke motsi. Wannan fomula farashin yanzu take kawowa, don haka tana sake canza dalolin bara da farashin yau, ta nuna maka kuɗin da ba ka taɓa riƙewa ba. Nairar da ta shigo kuwa ba lissafa ta ake yi ba, daga alat ko takardar bayanin asusu ake kwafo ta. Idan farashin kasuwa na wata ranar da ta wuce kake nema don cike layin E, ka yi amfani da wannan, muddin kwanan watan yana A2:

```
=INDEX(GOOGLEFINANCE("CURRENCY:USDNGN","price",A2),2,2)
```

Da zarar adadin ya fito, ka kwafe shi ka liƙa a wurin da `Ctrl+Shift+V` domin ya zama lamba tsayayya. Ka kuma yi hattara da layukan da suka gabaci watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Kafin nan akwai tazara mai faɗi tsakanin farashin gwamnati da na 'yan canji, saboda haka idan a wancan lokacin dala kake karɓa ka kai wa ɗan canji, layin G zai iya fitowa da alamar ragi kamar riba ka ci. Ga waɗannan watannin, ka rubuta farashin da ka sayar da dalar a kai.

Tambaya: Ƙanena yana turo mini yuro daga Faransa. Ina bukatar bin farashin canji kamar mutanen Najeriya? (Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi)

Amsa: Ba ka bukata, Alhaji. Sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro ɗaya yana daidai da sefa 655.957, don haka ka rubuta wannan adadin a layin E sau ɗaya ka ja shi har ƙasa. Yuro 200 ya kamata su zama kimanin sefa 131,191, kuma duk abin da ya gaza haka yanka ne aka yi a hanya. Ranar da aiken ya fito daga Najeriya, ko ya zo da dala ko riyal, sai ka koma bin farashin ranar.

Tambaya: Na rubuta duk kuɗin da aka aiko mini a bana, amma `SUM` yana ba ni sifili. (Wata ɗaliba daga Sakkwato)

Amsa: Kin rubuta `N388,000` ko `388k`, kamar kina tura wa ƙawarki saƙo, shi ya sa manhajar ta ɗauke su a matsayin rubutu. Za ki gane haka idan adadin ya jingina da gefen hagu na akwatinsa, domin lambobi a gefen dama suke tsayawa. Ki goge haruffan, ki bar `388000` kawai, sannan idan kina son alamar naira ta fito ki zaɓe ta a `Format` sai `Number`. Kada kuma ki zuba riyal da naira a layin tsaye ɗaya, domin `SUM` zai haɗa su ba tare da ya yi miki gargaɗi ba.